Wa Ke Amsa Sallamarka a LinkedIn?

Na daɗe ina ɗaukar hoton da ke kan shafina na LinkedIn a matsayin ado, abin da mutum ke sa wa don kada gurbin ya zauna fayau. Wani taron masu harkar wutar sola da na halarta a Abuja ne ya raba ni da wannan tunani. Kwana biyu muka yi ana gabatar da ƙasidu, ana shan shayi a tsaye, ana musayar kati. Da na dawo gida sai na bi katunan ɗaya bayan ɗaya, na tura wa masu su buƙatar ƙulla alaƙa. Abokan karatuna da muka haɗu a can duk sun karɓa kafin gari ya waye. Wasu ’yan talla su ma sun karɓa, har da saƙon godiya da jerin farashin batura. Amma mutanen da na je taron dominsu, wato masu ba da kwangila da masu duba takardun neman jari, shiru kake ji.

Bayan wasu watanni na sake haɗuwa da ɗaya daga cikinsu, dattijon injiniya da muka yi kusan rabin awa muna magana a kan yadda ƙurar hunturu ke rage ƙarfin faifan sola. Ya gane ni tun daga nesa. Da muka gaisa na ce, “Ranka ya daɗe, na turo maka gayyata ban ji amsa ba.” Ya ciro wayarsa, ya gangara cikin jerin gayyatun da ke jiransa, waɗanda suka fi ƙarfin ƙirga a tsaye, har ya kai ga sunana. Ya juyo mini da wayar. A gefen sunan babu komai sai da’ira mai launin toka da inuwar kai da kafaɗa. Ya ce, “Injiniya, masu irin sunan nan naka nawa ne a ƙasar nan? Ni fuskarka na riƙe, ban riƙe sunanka ba.”

Abin ya ɗaure mini kai, domin ni dai na san akwai hoto a shafina, kullum ina ganinsa. Sai daga baya na gano inda gizo ke saƙar. LinkedIn yana barin mutum ya zaɓi waɗanda za su iya ganin hotonsa, kuma tun lokacin da na buɗe shafin na taƙaita nawa ga waɗanda muka riga muka ƙulla alaƙa da su, na manta. Ke nan duk baƙon da na yi wa sallama, ƙofa ya buɗe bai ga kowa ba. Gyaran bai ɗauki minti ɗaya ba: mutum ya taɓa hotonsa, ya duba zaɓin masu gani, ya mayar da shi All LinkedIn members ko Anyone. Na ba da wannan labari da wuri ne saboda na sha ganin mutanen da suka biya kuɗi aka ɗauke su hoto mai kyau, alhali babu mai ganinsa sai waɗanda dama sun san su.

Abin da ya fi tsaya mini a rai bayan wannan shi ne rabe-raben waɗanda suka amsa da waɗanda ba su amsa ba. Masu karɓar gayyata iri uku ne. Akwai wanda ya san ka sani na haƙiƙa, wanda ko hoton rago ka sa zai karɓa muddin ya tabbata kai ne. Akwai wanda ke karɓar kowa, domin shi yawan jama’a ne jarinsa, kamar mai talla ko mai neman mabiya. Waɗannan biyun hotonka bai dame su ba. Na ukun shi ne mutumin da bai san ka ba, ko ya san ka sama-sama, yana da abin da zai yi asara idan ya shigo da ɗan damfara cikin jama’arsa, kuma gayyatun da ke zuwar masa sun fi lokacinsa yawa. Wannan ne hoto ke juyawa. Kuma kusan kullum shi ne wanda kake nema: shugaban sashe, mai ɗaukar ma’aikata, malamin da kake son ya duba maka bincike. Shi ya sa mutum zai iya ganin ana karɓar gayyatunsa daidai gwargwado, ya ɗauka komai lafiya, alhali rariyar tana tace masa mutanen da suka fi amfani, tana bar masa waɗanda da ma za su shigo.

Don a fahimci dalili, sai a dubi abin da mai karɓa yake gani. A cikin jerin gayyatu, kowane mutum layi ɗaya ne: ƙaramar da’ira da a waya ba ta wuce girman farcen babban yatsa ba, sai suna, sai ɗan bayanin aikin da ke ƙarƙashin suna, wanda sau da yawa ake yanke shi a tsakiya, sai adadin mutanen da kuka sani tare, sai maɓallan Ignore da Accept. Takardun shaidarka ba sa wurin. Shekarun da ka yi kana aiki ba sa wurin. Daga cikin waɗannan ’yan abubuwa kuwa, ido hoton yake fara kamawa, domin fuska ba ta buƙatar karatu.

Saurin da ake yanke hukunci a kan fuska ya wuce yadda muke zato. A shekarar 2006, Janine Willis da Alexander Todorov na Jami’ar Princeton sun nuna wa mutane hotunan fuskokin da ba su sani ba na tsawon kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, suka tambaye su ko mai fuskar abin amincewa ne, ko ƙwararre ne, da makamantansu. Hukuncin da aka yanke a wannan ƙiftawar ido ya yi kusa ƙwarai da na waɗanda aka bari suka kalla iya son ransu, musamman a kan batun amana. Ƙarin lokaci bai cika sauya ra’ayi ba, sai dai ya ƙara wa mutum tabbaci a kan abin da ya riga ya yanke. Binciken bai ce hukuncin daidai ne ba, kuma Todorov da kansa ya yi ta gargaɗi cewa fuska ba ta bayyana halin mutum yadda muke ji a ranmu. Abin da ya tabbatar kawai shi ne ana yankewa, kuma da wuri. Ka so ko ka ƙi, kafin dattijon nan ya karanta sunanka zuwa ƙarshe, da’irar ta riga ta faɗa masa wani abu.

Tambayar farko da yake yi ba ta kyau ba ce. Tambayarsa ita ce: wannan mutum ne na gaske? Yana da hujjar yin ta. A shekarar 2022 masu bincike a Jami’ar Stanford, Renée DiResta da abokin aikinta, sun gano shafuka sama da 1,000 a LinkedIn da ke ɗauke da fuskokin da na’ura ta ƙirƙira, na mutanen da ba a taɓa haifa ba, akasari ana amfani da su wajen talla. Ga kuma abin da mu ’yan Nijeriya muka sani ba sai an faɗa mana ba: idan gayyata ta fito daga nan zuwa ga wani a Turai ko Amurka ko ƙasashen Larabawa, tana isa da nauyin zargin da wasu suka ɗora mana. Ba adalci ba ne, amma haka kasuwar take. Shafi marar hoto daga wurin da ake zargi ya haɗa alamu biyu na rashin tabbas. Mai karɓa idan ya danna Ignore, ana ba shi damar ya ƙara da cewa bai san mai gayyatar ba, kuma idan irin wannan ya taru, LinkedIn na iya taƙaita wa mutum tura gayyata. Saboda haka gayyatar da aka ƙi ba kullum take tafiya salin-alin ba.

Wannan ya sa na daina yarda da cewa hoton da ya fi sheƙi shi ya fi aiki. Fuskar da aka goge da manhaja har fata ta koma kamar tangaran, aka share kowane tabo, aka sa bango mai hazo, tana kama da fuskokin bogin nan ne. Hoton da ke ƙara amana shi ne wanda ya nuna mutum kamar yadda za a gan shi idan ya shigo ofis gobe da safe.

Bayan na buɗe hotona ga kowa, sai matsala ta biyu ta bayyana, wato hoton kansa. Daga hoton biki na yanko shi. Mu shida ne a jere, kowa da babbar riga, aka turo mini ta WhatsApp. Ga lissafin da ban yi ba a lokacin. WhatsApp yana matse hoto idan an tura shi ta hanyar da aka saba, har dogon gefensa ya dawo kimanin fiksel 1,600. A hoton mutum shida a tsaye, kowa ya samu abin da bai kai fiksel 270 ba a faɗi, kafaɗa zuwa kafaɗa, fuskar kanta kuwa da ƙyar ta kai 100. LinkedIn yana son hoton da bai gaza fiksel 400 a tsawo da 400 a faɗi ba. Don fuskar ta cika da’irar sai an ja ta ninki biyu ko fiye, kuma hoton da aka ja haka dishi-dishi yake komawa, idanu su narke cikin inuwa. Ga hannun rigar abokina a gefen kafaɗata, ga rumfar biki a baya. A babban allo ana iya cewa ba laifi. A girman farce kuwa, hula ce da farin yadi da wani duhu a tsakaninsu.

Sabon hoton ban je gidan hoto ba. Ƙanwata ce ta ɗauka da waya, da hantsi, na tsaya a cikin falo ina fuskantar taga, bangon da ba shi da ado yana bayana da tazarar taku biyu. Abubuwa uku ne suka yi aikin, kuma kowanne da dalilinsa.

Haske shi ne babba, musamman ga mu masu duhun fata. Kyamarar waya tana auna hasken dukan abin da ke gabanta ne ta daidaita. Idan taga ko farin bango mai rana yana bayanka, ko kana sanye da farar shadda da ta cika hoton, kyamarar za ta rage haske don kada farin ya ƙone, sai fuskarka ta nutse. Maganin shi ne hasken ya zo daga gabanka, kuma mai ɗauka ya taɓa fuskarka a kan allon wayar kafin ya danna, domin wayar ta auna daga nan. Ranar tsaka kuma abokiyar gaba ce: tana saukowa daga sama, ta bar ramukan duhu a idanu. Inuwar baranda ko gefen taga ya fi. Alamar da nake dubawa ita ce ko ana ganin ɗan ɗigon haske a cikin ƙwayar ido. Idan babu, a sake.

Sai tazara. Hoton da mutum ya ɗauki kansa da tsawon hannu yana murɗe fuska, domin hanci ya fi kunnuwa kusa da kyamara nesa ba kusa ba. Wani bincike da likitocin gyaran fuska suka wallafa a Amurka a 2018 ya lissafa cewa a tazarar kusan santimita 30, hanci yana bayyana da faɗin da ya ƙaru da kusan kashi 30 cikin ɗari, amma a tazarar mita ɗaya da rabi fuska tana fitowa kusan yadda take. Don haka mai ɗauka ya ja baya, a yanke hoton daga baya, kyamarar kuma ta kasance daidai da ido, ba daga ƙasa ba. Na uku shi ne yanka: daga ƙirji zuwa ɗan sama da kai, fuska ta ci fiye da rabin hoton, a tuna kuma da’ira za ta cinye kusurwoyi huɗu, saboda haka mai doguwar hula ya bar mata wuri. Idan za a turo maka hoton daga wata waya, a turo shi a matsayin Document don kada a matse shi.

Game da sutura, ban ga dalilin da Bahaushe zai ari kwat da lakataya don hoto ba idan ba su yake sa wa a wurin aiki ba. Kaftani da hula, ko mayafi da hijabi, duk suna zama daram a cikin da’irar matuƙar fuska a fili take kuma launin tufafin ya bambanta da na bango. Abin da ke ɓata hoto shi ne baƙin tabarau, da sitiyarin mota, da kujerar ɗakin taro mai ado da ta fi mai zama a kanta fitowa.

Ƙanwata ta ɗauki kusan ashirin, na zaɓi wanda na fi so, wanda na ɗaure fuska a ciki ina ganin ya fi kwarjini. Abokan aikina biyu da na nuna wa, kowanne daban, suka zaɓi wani da na raina, inda nake ɗan murmushi. Na bi nasu, kuma ashe akwai hujja. David White da abokan bincikensa a Ostireliya sun nuna a 2017 cewa idan aka bar mutane su zaɓi hoton shafinsu da kansu, sukan zaɓi wanda bai kai wanda baƙi suka zaɓar musu tasiri ba a idon masu kallo. Mun saba da fuskarmu har ba ma ganinta yadda baƙo ke gani.

Dogon hoton da ke shimfiɗe a saman shafi, bayan da’irar, wanda nake kira hoton bango, aikinsa daban ne, kuma nan ne mutane da yawa ke kuskure. A jerin gayyatu ba a ganinsa. Wanda ya karɓa nan take bai gan shi ba, wanda ya ƙi nan take ma haka. Mai ganinsa shi ne wanda ya yi jinkiri, ya ce bari in duba, ya taɓa sunanka. Wato mutum na ukun nan ne dai, a daidai lokacin da yake tsakanin e da a’a. Fuska ta amsa masa cewa kai mutum ne. Yanzu tambayarsa ita ce: me ya haɗa ni da shi? Hoton bango ne abu mafi girma a allon farko, kuma yana da daƙiƙa ɗaya ko biyu ya ba da amsa kafin a fara karatu.

Nawa na farko hoton wasu dogayen gine-gine ne na wani birni da ban taɓa zuwa ba. Bai faɗi komai game da ni ba, kuma irinsa ne shafukan bogi ke sa wa. Na musanya shi da hoton wani aiki da muka yi, jerin faifan sola a kan rufin kwano, bayan na nemi izinin mai ginin kuma na tabbata babu fuskar kowa ko allon suna a ciki. A gefen dama na rubuta layi ɗaya da ke faɗin abin da nake yi da yankin da nake yi. Girman da LinkedIn ke so shi ne fiksel 1,584 a faɗi da 396 a tsawo, wato faɗin ya ninka tsawon sau huɗu. Hoton waya na yau da kullum idan aka sa shi a nan, siririn yanki ne kawai na tsakiyarsa zai tsira, don haka a zaɓi wanda abin da ke cikinsa a kwance yake. Da’irar fuskarka kuma tana zaune a kan ƙasan gefen hagu, kuma a waya ta fi cin wuri, saboda haka duk rubutun da aka sa a can ya ɓata. Karon farko na cusa lambar waya da jerin ayyuka biyar. A kwamfuta ya karantu, a waya ya koma kamar sawun tururuwa. Na goge, na bar kalmomi ƙasa da goma.

Wannan hoto yana kore wasu, kuma haka ake so. Mai neman akanta da ya ga rufi da faifai ya san ya yi ɓatan kai. Mai duba ayyukan samar da wuta a karkara kuwa ya ga abin da ya sani kafin ya karanta harafi ɗaya. Bayan gyaran, ban lura jimillar masu karɓa ta yi wani tsalle ba. Abin da ya sauya shi ne sunayen: mutanen da a da gayyatata ke kwana a wurinsu har ta mutu, domin LinkedIn yana soke wadda ta yi wata shida ba a amsa ba, suka fara amsawa, wasu har da tambaya a kan aikin da ke cikin hoton. Ba zan ɗora komai a kan hoto ba, don a lokacin ne kuma na gyara bayanin da ke ƙarƙashin sunana, na fara haɗa gayyata da ɗan saƙon da ke tuna wa mutum inda muka haɗu. Irin wannan taka-tsantsan nake yi da alƙaluman da LinkedIn ya daɗe yana yaɗawa, cewa masu hoto suna samun masu duba shafi har ninki 21. Wanda ya sa hoto galibi shi ne wanda ya cike sauran shafin kuma yake shiga kullum, don haka ba hoton kaɗai aka auna ba.

Akwai kuma ɓangaren da ba ya yi mini daɗi. Hoto bayyananne yana nuna launin fata da jinsi da shekaru da addini, kuma mai son zuciya zai yi amfani da su. Wata abokiyar aikina ta gaya mini cewa tun da ta sa hotonta, gayyatun da ke zuwar mata suka ƙaru, amma da yawa daga maza ne da ba aiki ya kawo su ba. Wasu matan kuma ba sa son sa fuskarsu a fili saboda addini ko kunya ko tsaro, kuma wannan zaɓi ne da ban ga wanda ya isa ya raina ba. Sai dai mai yin sa ta san farashinsa, ta biya ta wata hanya. Kada ta cike gurbin da fure ko tambarin kamfani, domin ƙa’idar LinkedIn ita ce hoton ya kasance kamannin mai shafin, kuma suna iya cire wanda ba haka ba. Tana iya zaɓar Your network, wanda ke nuna hoton ga waɗanda ke da alaƙa da ita ta kusa ko ta nesa kaɗan, ya ɓoye shi ga sauran duniya. Idan ta bar gurbin babu komai, to nauyin ya koma kan hoton bango da bayanin aiki da saƙon gayyata, kuma ya fi mata sauƙi ta fara da mutanen da suke da abokai tare da ita, domin adadin nan da ke ƙarƙashin suna shi ma shaida ne.

Dattijon injiniyan ya karɓi gayyatata a tsaye a ranar da muka sake haɗuwa, da da’irar tokar da komai, tun da ga ni a gabansa. Sauran na taron farko kuwa sai da na janye tsofaffin gayyatun da ba su riga sun mutu ba, na jira makonni ukun da LinkedIn ke gindayawa kafin a sake tura wa wanda aka janye wa, sannan na sake yin sallama da sabuwar fuska da layi biyu na tunatarwa. Kafin in tura ko ɗaya, na karɓi wayar wani maƙwabcina da ba mu da alaƙa a LinkedIn, na nemi sunana a ciki, na riƙe wayar da tsawon hannu na duba ko zan gane kaina.